Me ya sa rubutun Hausa ba ya nuna dogon wasali?

Matafiyin da ya bi hanyar Maradi yana karanta sunayen garuruwa a kan alluna da rubutun Faransanci: Aguié, Gazaoua, Guidan Roumdji. A littafin Hausa kuwa Gazawa da Gidan Rumji zai gani, domin boko yana da ƙa'idarsa: kowane sauti da harafinsa. Sai dai akwai abubuwa biyu da kunnen Bahaushe ke ji amma rubutu bai nuna su ba, wato tsawon wasali da karin sauti. Ba mantuwa ba ce, shawara aka yanke.

Abin da rubutu ya ɓoye

Hausa tana da wasula biyar, a, e, i, o, u, kowane da gajere da dogo. Kalmar "gari" misali ce: idan aka taƙaita a, wurin zaman mutane ake nufi, idan aka ja shi, garin tuwo ne. Karin sauti kuma shi ne hawa da saukar murya. Kukan jariri da kukar miya tsawon wasulansu ɗaya ne, murya ce kawai ta raba su: a kukan jariri tana tsayawa sama, a kukar miya tana sauka a gaɓar ƙarshe.

Daga Bamako zuwa Yamai

A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don tsara haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Taron ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, Nijar kuma ta bi wannan hanya a littattafan yaƙi da jahilci. Jimlar "Mata sun kai gari kasuwa" sai ta koma "Maataa sun kai gaarii kaasuwaa". Haruffa 20 sun zama 26, amma mai karatu ya san garin tuwo ne tun bai kai ƙarshen jimla ba.

Najeriya ba ta bi ba. Can an daɗe da sabawa da rubutun Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 ba tare da ninka wasali ba. Ɗan Maradi da ya koyi "kaasuwaa" sai ya tarar da littattafan da ke shigowa daga Kano da Katsina ba haka suke rubutawa ba. Ga kuma wahalar mai rubutu: tsawon wasalin ƙarshen kalma yana da wuyar tantancewa, har mutum biyu su rubuta kalma ɗaya ta hanya biyu.

A Janairun 1980 masanan ƙasashen biyu suka haɗu a Yamai, aka daidaita a kan barin ninka wasali. A 1999 Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar da haruffanta. Bambancin da ya fi fitowa fili yau shi ne ƴ: a Nijar ana rubuta "ƴaƴa", a Najeriya "'ya'ya".

Inda ake tuntuɓe

A yawancin jimloli ma'ana tana fitowa daga kalmomin da ke kewaye, ba wanda zai ɗauka an yi miya da kukan jariri. Matsalar ta fi tsanani a ƙananan kalmomi irin su ya da ta. A dubi wannan saƙo: "Na ce ya zo." Idan aka ja ya, labari ake bayarwa cewa mutumin ya iso. Idan aka taƙaita shi da murya ƙasa, umarni ne a kan ya taho. A baki ba a ruɗewa, a takarda kuwa saƙon yana da fuska biyu. Maganin yana hannun mai rubutu: ya rubuta "Na ce ya riga ya zo" ko "Na umarce shi ya zo".

Malami yana gane wannan tuntuɓen idan ɗalibi ya kai ƙarshen jimla, sannan ya koma baya ya sake karanta ta da wata murya. Littattafan nahawu da ƙamus na masana su ne ke sa alamomin tsawo da kari, saboda mai koyon harshe ba shi da kunnen da zai cike giɓin.

Karin harshen yanki

Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne bisa Kananci. A ƙasar Gobir ta Tibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, da wasu wurare na jahar Maradi, ana cewa "hwari" da "tahi" inda littafi ke rubuta "fari" da "tafi". Yaron da ya rubuta "tahi" bai yi kuskuren ji ba, abin da bakinsa ke furtawa ya rubuta. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa f ɗin littafi na kowa ne: ɗan Tibiri ya karanta shi da karinsa, Bakano ma da nasa, takardar kuma ta kasance ɗaya.