Binciken Jiragen Ruwan Baƙi a Tashoshi: Tarihinsa da Dalilan Tsare Jirgi

Binciken ƙasar tasha shi ne ikon da ƙasa take da shi na hawa jirgin ruwan wata ƙasa da ya shigo tasharta, ta duba lafiyarsa da takardunsa da halin ma'aikatansa, ta kuma hana shi tashi idan ta ga fitarsa teku haɗari ce. A dokar teku, alhakin lafiyar jirgi yana wuyan mai shi da kuma ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Ƙasar tasha ta shigo ne daga baya, da aka ga waɗancan biyun ba kullum suke sauke nauyin da ke kansu ba.

Asalinsa

Bayan yaƙin duniya na biyu, masu jirage da yawa suka riƙa yi wa jiragensu rajista a ƙasashe irin su Panama da Laberiya, inda haraji yake da sauƙi, sa ido kuma bai tsananta ba a lokacin. Jirgi kan yi shekaru yana yawo bai taɓa ganin gaɓar ƙasar da ta ba shi tuta ba. Yarjejeniyoyin duniya sun riga sun bai wa ƙasar tasha damar duba satifiket, amma kowace ƙasa tana yin nata ne ita kaɗai, wasu ma ba sa yi.

A 1978 ƙasashe takwas na yammacin Turai suka ƙulla wata fahimta a birnin Hague, wadda ta fi mayar da hankali kan yanayin aiki da zaman ma'aikatan jirgi, bisa yarjejeniya ta 147 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Ba ta kai ga kankama ba sai ga hatsarin Amoco Cadiz. A watan Maris na wannan shekara sitiyarin wannan tanka mai tutar Laberiya ya lalace, igiyar ruwa ta kai ta kan duwatsun gaɓar Brittany a Faransa, ɗanyen mai sama da tan 220,000 ya malale. Fushin jama'a ya sa gwamnatoci suka nemi abin da ya fi na Hague ƙarfi. A Janairun 1982 ƙasashe 14 suka sa hannu a Yarjejeniyar Paris, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli na shekarar. Kowace ƙasa ta ɗauki alkawarin bincikar kashi 25 cikin ɗari na baƙin jiragen da ke shigowa tashoshinta, tare da sanar da sauran abin da ta gano. Wannan musayar labari ita ce sabon abu: jirgin da aka kama da laifi a Rotterdam ba zai isa Hamburg a matsayin wanda ba a sani ba.

Sauran yankuna suka bi sahu, don ruɓaɓɓen jirgin da Turai ta matsa wa wani wurin yake komawa. Latin Amurka ta yi tata a 1992, Asiya da Pasifik suka yi ta Tokyo a 1993. Ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya an sa mata hannu a Abuja ranar 22 ga Oktoba, 1999, sakatariyarta tana Legas, kuma hukumar NIMASA ce ke wannan aiki a tashoshin Najeriya. Amurka ba ta shiga ko ɗaya ba. Dakarun tsaron gaɓarta ne ke gudanar da nasu tsarin.

Darasin Erika da sauyin 2011

Ƙa'idar kashi 25 tana da rauni. Sufeton da yake son cika adadi zai fi son hawa sabon jirgi mai tsabta, wanda zai gama da shi kafin azahar, da ya shiga tsohon da zai cinye masa kwana biyu. A Disambar 1999 tankar Erika, mai tutar Malta, ta kare gida biyu daura da Brittany ɗauke da baƙin mai kimanin tan 31,000. Takardunta duk suna kan ƙa'ida, an kuma sha bincikarta a tashoshi. Tsatsa ce ta cinye ƙarfen jikinta a cikin tankunan ruwan daidaita nauyi, wurin da binciken 'yan sa'o'i ba ya kaiwa. Shekara uku bayan haka Prestige ta nutse daura da Galicia a Sifen.

Daga 1 ga Janairun 2011 Yarjejeniyar Paris ta bar ƙidayar kashi, ta koma auna haɗarin kowane jirgi da maki. Tankar mai ko ta gas ko ta sinadarai, jirgin fasinja, da jirgin dakon kayan zube irin su hatsi da ma'adinai, kowanne yana da maki 2 tun daga nau'insa. Wanda ya haura shekara 12 ana ƙara masa 1. Tutar da ke cikin baƙin jerin tutocin da aka fi tsare jiragensu, kamfani mai mummunan tarihi, da tsarewar da aka yi wa jirgin a baya duk suna ƙara maki. Wanda ya tara 5 ya zama mai babban haɗari, ana hawansa duk wata 5 zuwa 6. Matsakaici kan samu wata 10 zuwa 12, mai kyakkyawan tarihi kuma wata 24 zuwa 36.

Abin da sufeto ke dubawa

Gogaggen sufeto tun yana kan gaɓa yake fara aiki. Yana kallon layin lodi da ke jikin jirgi ko ya nutse cikin ruwa, da igiyoyin ɗauri, da tsanin hawa, da ko akwai mai gadi a bakinsa da zai tambaye shi katin shaida. Daga nan sai ofishin kyaftin, inda za a baje takardu: satifiket na SOLAS kan lafiyar gini da kayan ceto da rediyo, na MARPOL kan hana gurɓata teku, na layin lodi, takardar da ta faɗi mafi ƙarancin ma'aikatan da jirgin zai iya tafiya da su, da shaidar ƙwarewar kowane hafsa bisa STCW. Sai zagaye daga ɗakin tuƙi zuwa ɗakin inji, har kicin da makwanci. Idan komai ya yi daidai, a nan binciken farko yake ƙarewa. Idan kuwa ya ga wata hujja bayyananniya cewa abin da ke takarda ya saɓa wa abin da ke jikin jirgi, doka ta ba shi damar zurfafawa.

A ɗauka jirgin dakon hatsi ne mai shekara 18, na kamfanin da jiragensa suka sha tsarewa. Nau'insa 2, shekarunsa 1, kamfaninsa 2: ya cika 5, don haka faɗaɗaɗɗen bincike ne ke jiransa. Sufeto ya ce a rufe murfin ƙarfen da ke toshe iskar ɗakin inji. Amfanin wannan murfi shi ne idan gobara ta tashi a hana ta iska, a kuma riƙe gas ɗin kashe wuta a ciki. Hannun ya motsa, amma da aka leƙa ta ƙofar dubawa sai aka ga faifan bai motsa ba, tsatsa ta kafe shi. Sai ya ce a tayar da famfon kashe gobara na gaggawa, a buɗe mesa biyu a wurare masu nisa da juna. Famfon ya yi ƙara, ruwa bai hau ba, domin jirgin ya sauke kaya ya ɗago sama, na'urar da ke jawo ruwan farko kuma ta lalace. Wannan matsala sananniya ce, shi ya sa sufetoci suka fi son gwada famfon lokacin da jirgi ba shi da lodi.

Yanzu sai ya nemi littafin kula da kayan aiki, ya tarar an sa hannu cewa ana gwada su biyun a kai a kai, lafiyarsu ƙalau. A nan maganar ta tashi daga lalacewar ƙarfe ta koma gazawar tsarin gudanarwa. Dokar ISM, wadda aka tsara bayan kifewar Herald of Free Enterprise a 1987 inda mutum 193 suka mutu, ta fara zama dole a 1998, kuma ta ɗora wa kamfani alhakin tabbatar da cewa ana gyara da gwaji da gaske. Sufeto zai sa a yi atisayen gobara a gabansa. Idan aka ɗauki lokaci mai tsawo kafin mutum biyu su sa kayan shaƙar iska, ko hafsa da ma'aikata ba sa fahimtar harshen juna, ya gama samun abin da yake nema.

Kowane laifi yana da lambar hukunci a rahoto. Lamba 17 na nufin a gyara kafin tashi, 16 a gyara cikin kwana 14, 15 a gyara a tasha ta gaba. Lamba 30 ita ce tsarewa, kuma ita wannan jirgi zai samu. Ma'aunin ba yawan laifuffuka ba ne. Jirgi na iya samun goma ƙanana ya tafi, wani ya samu ɗaya tak a tsare shi. Tambayar ita ce ko zai iya yin tafiyar da ke gabansa ba tare da haɗari ga mutane ko teku ba.

Dalilan da suka fi yawa

Shekara da shekaru, kayan kashe gobara da gazawar ISM su ne kan gaba a rahotannin Paris da Tokyo. Bayansu akwai kwale-kwalen ceto da injinsa ya ƙi tashi ko ƙugiyar sakinsa ta lalace, da janaretan gaggawa da ya kasa ɗaukar wuta cikin daƙiƙa 45 da doka ta yanka, da taswirar teku da ba a sabunta ba.

Na'urar raba mai da ruwa tana da nata labarin. Ruwan dattin ɗakin inji ba a zubar da shi a teku sai man da ke cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Wasu sukan haɗa bututun sata da ke kewaye na'urar. Sufeto yana gane shi ta sabon fenti ko zazzagen fenti a kan notocin mahaɗar bututu, da baƙin mai a cikin bututun da ya kamata ya kasance da tsabta, da kuma lissafin littafin mai da bai dace da abin da ke cikin tanki ba. Amma shari'a mafi shahara a wannan fanni ba idon sufeto ne ya fara tono ta ba. Wani injiniya ne a jirgin Caribbean Princess ya kai rahoto ga hukumomin Birtaniya a 2013, kuma a 2016 kamfanin Princess Cruises ya amince da biyan tarar dala miliyan 40 a Amurka.

Batun ma'aikata, wanda da shi aka fara a Hague, ya dawo da ƙarfi da Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku ta 2006, wadda ta fara aiki a Agustan 2013. Yanzu ana iya tsare jirgi saboda rashin biyan albashi, ko ƙarancin abinci da ruwan sha, ko hana hutu. Ƙa'idar hutu ita ce aƙalla awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a kwana bakwai. Takardar hutu ba ta da wuyar ƙirƙira, don haka sufeto kan haɗa ta da littafin tafiyar jirgi. In ta ce hafsa yana barci a daidai lokacin da littafin ya nuna shi ne a bakin igiya ana shiga tasha, ƙarya ta fito.

Bayan tsarewa

Ana sanar da ƙasar tuta da kamfanin da ya bayar da satifiket a madadinta. Jirgi ba ya motsi sai an gyara, an sake kiran sufeto ya tabbatar, kuma mai jirgi ne ke biyan kuɗin sake binciken. Yana da damar ɗaukaka ƙara, amma ƙarar ba ta ɗage tsarewar, ko da yake doka ta tanadi diyya ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Kimanin huɗu cikin ɗari na binciken yankin Paris ne ke ƙarewa da tsarewa a 'yan shekarun nan. Ana wallafa sunan jirgin da laifinsa, kuma masu hayar jirage da kamfanonin inshora suna karantawa, wanda sau da yawa ya fi kuɗin gyaran ciwo. Jirgi mai tutar baƙin jeri da aka tsare fiye da sau biyu cikin wata 36 ana hana shi shiga duk tashoshin yankin. Haramcin farko aƙalla wata 3 ne, na biyu wata 12, na uku wata 24, wanda ya sake faɗawa bayan nan kuma an rufe masa ƙofa har abada.