Zaizayar Faransanci Bayan Kammala Digiri: Wane Ɓangare ke Fara Tafiya, Yaya Kuma Ake Auna Shi?

Tsakure

Maƙalar ta dubi halin ɗalibin da ya karanta Faransanci a jami'a sannan ya koma garin da ba a magana da harshen. Ta dogara da binciken Bahrick da Weltens da na Karpicke da Roediger, ta nuna cewa abin da ke fara raunana shi ne iya zaƙulo kalma a lokacin buƙata, alhali kalmar tana nan ajiye. Ta kuma kawo hanyar aunawa da jadawalin bita.

Gabatarwa

Ɗaliban Faransanci na jami'o'in Nijeriya kan yi zama na musamman a Ƙauyen Harshen Faransanci da ke Badagry, wanda aka kafa a 1991, inda suke kwana su tashi cikin harshen. A nan bakin ɗalibi ke kaiwa ƙololuwar sakewa. Daga nan sai shekarar ƙarshe, sai bautar ƙasa, sai aiki a Gusau ko Dutse, inda Hausa ta riƙe gida da kasuwa, Ingilishi ya riƙe ofis. Bayan shekara uku za ka ji mutumin yana cewa ya manta komai. Tambayar maƙalar ita ce ko wannan hukunci da ya yanke wa kansa daidai ne.

Yadda mantuwar ke tafiya

A 1984 Harry Bahrick ya buga sakamakon gwajin da ya yi wa Amurkawa 733 da suka koyi Sifaniyanci a makaranta, wasu sun bar aji kwanan nan, wasu shekara hamsin da suka wuce. Ya gano cewa mantuwa ba ta tafiya da sauri ɗaya. Cikin shekara uku zuwa shida na farko ilimin yana zubewa da gaggawa, sannan ya tsaya cik har kusan shekara talatin, kafin ya sake gangarowa. Yawan abin da ya saura ya danganta da zurfin karatun da aka yi tun farko da kuma makin da aka ci.

Abu biyu ya fito daga nan. Mai digiri yana da jari mai kauri da zai daɗe, ba kamar wanda ya tsaya a ƙaramar sakandare ba. Sannan lokacin haɗari shi ne shekarun farko, daidai lokacin da matashi ya shagala da neman aiki da aure. Sai dai a lura, Bahrick ya kwatanta mutane daban-daban ne a lokaci guda, bai bi mutum ɗaya tsawon rayuwarsa ba.

Bert Weltens, a bincikensa na 1989 kan 'yan Holan da suka koyi Faransanci a sakandare, ya tarar cewa bayan shekara huɗu da barin harshen fahimtar karatu da saurare ba ta ragu ba, nahawu ne ya ɗan zaizaye. Amma mutanen da kansu sun ɗauka sun yi asara mai yawa. Weltens bai auna magana ba, kuma a ganina nan ne bakin zaren yake: mutum yana auna kansa da abin da ya kasa faɗa, gwajin kuwa ya auna abin da ya gane.

Alamomi a bakin Bahaushe

Alama ta farko jinkiri ce. Kalmar tana bakinsa amma ta ƙi fitowa, sai ta Ingilishi ta riga ta, domin harsunan biyu sun yi tarayya a kalmomi masu kama da juna. Ta biyu rikicewar jinsi ce. Hausa da Faransanci duk suna raba suna zuwa namiji da mace, amma rabon bai zo ɗaya ba. Rana mace ce a Hausa, namiji a Faransanci. Wata da ruwa maza ne a Hausa, mata a Faransanci. Idan riƙon ya sassauta, jinsin Hausa kan iya kutsawa ya maye gurbi, don haka irin waɗannan kalmomi sun dace da gwaji fiye da littafi ko mota, waɗanda jinsinsu ya dace a harsunan biyu.

 

Aunawa

A ƙaddara wata malama da ta gama digiri shekara uku da suka wuce, tana da tsohon littafin rubutu mai kalmomi 600. Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai. Ta tsamo kalma 60, wato kowace ta goma. Da farko a ba ta ma'anar da Hausa, ta kawo kalmar Faransanci tare da jinsinta cikin daƙiƙa biyar. A ce ta samu 21. Bayan haka a nuna mata kalmomin Faransancin ta faɗi ma'ana, ta samu 48. Dole a bi wannan jeri, don in an fara da nunawa an riga an tuna mata amsar gwaji na biyu. Tazarar 27 da ke tsakani su ne kalmomin da ke ajiye amma hanyar zuwa gare su ta toshe.

Saura 12 da ba ta ko gane ba. Su ma ba a yanke musu ƙauna sai an yi gwajin rangwame, dabarar da Hermann Ebbinghaus ya fito da ita a 1885. A haɗa su da sababbin kalmomi 12 da ba ta taɓa gani ba, ta koyi duka. In sababbin sun ci zagaye goma kafin su zauna, tsofaffin kuwa huɗu, rangwamen ya kai kashi 60 cikin ɗari, alamar cewa saiwarsu ba ta mutu ba. In zagayen ya zo daidai, to waɗannan sun tafi, ko kuma tun asali ba su zauna ba.

Bita: wace iri, kuma yaushe?

Yawancin masu son riƙe harshe sukan koma ga sauraron rediyo. Wannan yana ciyar da fahimta, ɓangaren da dama bai cika lalacewa ba. A 2008 Karpicke da Roediger sun koya wa ɗalibai kalmomin Swahili 40. Waɗanda aka ci gaba da yi wa tambaya bayan sun iya kalma sun tuna kusan kashi 80 cikin ɗari bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambaya sun tsaya a wajen kashi 35, ko da sun ci gaba da duba kalmomin. Gardawa sun san wannan: hadda tana zama ne idan an kife allo an kawo da ka.

Game da tazara, Bahrick da abokan aikinsa sun buga wani bincike a 1993 inda mutum huɗu suka koyi kalmomi 300 kowannensu. Zama 13 da tazarar kwana 56 ya riƙe kalmomin daidai da zama 26 da tazarar kwana 14, ko da yake doguwar tazara ta sa koyon ya ɗan yi nawa. In malamar ta raba 600 a kan kwana 56, kalma 11 ke gabanta kowace rana, daga Hausa zuwa Faransanci, kowace a cikin jimlar da ta ƙera da bakinta. Wadda ta kuɓuce mata ta dawo da ita washegari, kada ta jira zagaye ya kewayo.

Iyakar wannan hujja a bayyane take. Mutum huɗu ba su da yawa, kuma kalmomi aka auna, ba hira ba. Jadawalin ba zai dawo da saurin mayar da amsa ba, wanda ke buƙatar abokin magana da zai katse ka ya tambayi abin da ba ka shirya ba. A nan mazaunin Katsina ko Daura ya fi na Dutse dama, tunda Maraɗi da Damagaram na kusa. Amma in ya haɗu da ɗan Nijar hirar takan zame ta koma Hausa tun daga gaisuwa, sai fa in sun yi yarjejeniya tun farko cewa rabin sa'ar nan ta Faransanci ce.