Bayanan Makaranta: Yadda Ake Rubuta Ƙa'idar Wanda Zai Gani Da Wanda Zai Gyara

A ofishin kowace makaranta a Tudun Wada, Doguwa, Ƙiru ko Bebeji akwai rajistar shiga, littafin maki, fayilolin malamai da takardun kuɗi. Ƙa'idar samun bayanai ita ce gajeriyar takardar da ke fayyace wanda zai ga kowanne, wanda zai gyara shi, da wanda zai fitar da shi waje. Shafi guda ya isa.

Abin da doka ta ce

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Sashe na 31 ya ce inda ake buƙatar amincewa game da bayanan yaro, daga iyaye ko waliyyi ake neman ta. Sashe na 40 kuwa ya ce idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun hukumomin gwamnati, a kuma ba shi amsa cikin kwana bakwai. Sai dai sashenta na 14 ya keɓe bayanan sirri, har da fayilolin ɗalibai da na ma'aikata. Ke nan kuɗin gyaran aji na jama'a ne, amma sakamakon yarinya nata ne.

Kasa bayanai gida uku

Kashi na farko shi ne na fili: jadawalin darussa, yawan ɗalibai da malamai, da kuɗin da makaranta ta karɓa da yadda ta kashe shi. Ana iya manna su a allon sanarwa.

Na biyu shi ne na aiki: maki da rajistar kiran suna. Malami zai ga na azuzuwan da yake koyarwa, ya shigar da makin darasinsa kaɗai. Ɗalibi da iyayensa za su ga nasa, ban da na ɗan wani.

Na uku shi ne na sirri: rashin lafiya, ladabtarwa, lambobin wayar iyaye, asusun banki da fayilolin malamai. Mabuɗin kabad ɗin yana hannun shugaban makaranta da mutum ɗaya da aka ambata da muƙaminsa. A rubuta muƙami a ƙa'idar, ba suna ba, domin ana yi wa malamai sauyin wurin aiki.

Gyara da fitarwa

Gani daban, gyara daban. Idan malamin lissafi ya gano ya rubuta 14 a maimakon 41 bayan ya miƙa maki, ba zai goge ba. Zai kawo takardar jarrabawar, jami'in jarrabawa ya ja layi ɗaya a kan tsohon makin, ya rubuta sabon, su biyun su sa hannu da kwanan wata. Gurbin da aka kankare ko aka shafe da farin ruwa alama ce ta an bi ta bayan fage.

Ga misalin fitarwa. A ce hadimin wani ɗan siyasa ya zo wata makarantar 'yan mata yana neman sunayen 'yan ajin ƙarshe da lambobin iyayensu, wai za a biya musu kuɗin NECO. Shugabar za ta nemi buƙatar a rubuce, ta shigar da ita littafin masu neman bayanai. Za ta iya faɗa masa yawan ɗaliban nan take. Sunaye da lambobi kuwa sai ta sanar da ofishin shiyya, ta aika wa iyaye takarda, sannan ta miƙa na waɗanda suka amince kawai. Lambar da ta fita ba ta dawowa, kuma tana iya ƙarewa a jerin yaƙin neman zaɓe ko a hannun 'yan damfara.

Inda ake samun ɓaraka

Ɓarakar da aka fi sabawa da ita ba ta kutse ba ce. Kwamfuta ɗaya ce da kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani, ko hoton sakamakon aji da aka tura zauren WhatsApp, ko fayil ɗin da aka bari a shagon buga takardu. Saboda haka ƙa'idar ta tanadi cewa kowane ma'aikaci yana da kalmar sirrinsa, kuma ranar da ya bar makarantar a karɓi mabuɗi, a rufe asusunsa, a cire shi daga zauren.

Ƙa'idar ba ta hana jami'an SUBEB ko na ma'aikatar ilimi duba takardu, amma su ma za su sa hannu a littafin. A ƙarshen kowane zango, kwamitin kula da makaranta ya buɗe littafin ya kwatanta shi da gyare-gyaren maki. Idan akwai gyara goma amma sa hannu uku, akwai tambayoyi bakwai da shugaban makaranta zai amsa.