Kashi Nawa Cikin Ɗari? Auna Daidaiton Hasashen Ruwan Sama da Ambaliya a Kwarin Rima

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda ake auna hasashen da ke zuwa da adadi, irin wanda zai ce yiwuwar saukar ruwa gobe kashi 70 ce cikin ɗari. Ta nuna cewa ƙirga yawan lokutan da mai hasashe ya dace kan ɓoye babban aibi, wato adadin da yake faɗa ya saɓa wa abin da ke faruwa. An gina bayanin a kan noman shinkafa a fadamar Argungu da Birnin Kebbi, da misalin lissafi da aka tsara domin koyarwa.

Gabatarwa

Gulbin da ya ratsa Argungu ya gangara ta gefen Birnin Kebbi shi ne arzikin yankin, shi ne kuma fargabarsa. A fadamarsa ake noman shinkafar da ta sa aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ita ce kuma ke ciyar da manyan injinan casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Wannan ruwa ɗin ne ya mamaye gonaki a 2010 lokacin da madatsar Goronyo ta tumbatsa, ya sake cinye shinkafa mai ɗimbin yawa a ƙarshen daminar 2020.

Saboda haka manomin fadama yana da buƙatar hasashe ta gaske. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina da na yanayin kullum, hukumar NIHSA kuma na fitar da hasashen ambaliya na shekara. Tambayar ita ce da wane mudu za a auna irin wannan hasashe.

Abin da yawan dacewa ke ɓoyewa

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce ƙirga dacewa. Idan aka ce za a yi ruwa kuma aka yi, an dace. Idan aka ce ba za a yi ba kuma gari ya wuni garau, nan ma an dace. Sai a raba adadin dacewa da jimillar kwanaki.

Raunin wannan hanya tsoho ne. A 1884 John Finley na rundunar sojin Amurka ya wallafa sakamakon hasashensa na muguwar guguwa: cikin hasashe 2,803 ya dace a kusan kashi 96.6 cikin ɗari. A shekarar kuma G. K. Gilbert ya nuna inda gizo ke saƙa. Guguwar sau 51 kawai ta auku, don haka wanda ya zauna yana cewa "babu guguwa" kullum da ya samu kashi 98.2, ya zarce Finley ba tare da ya taɓa gargaɗin kowa ba. Ambaliya babba a Kebbi ita ma ba kowace shekara take zuwa ba, don haka mai cewa "lafiya lau" kowace damina zai tara maki mai kyau har ranar da ruwa zai shigo gari.

Akwai rauni na biyu da ya fi wannan ɓuya. Kafin a ƙirga dacewa dole a mayar da adadi ya koma "e" ko "a'a", galibi a yanka a kan kashi 50. Da an yi haka, kashi 55 da kashi 99 sun zama abu ɗaya, kashi 2 da kashi 45 ma haka.

Misali da lissafi

A ɗauka akwai masu hasashe biyu da suka yi aiki kwana 200 cikin damina biyu a Argungu. Alƙaluman ƙirƙira ne domin bayani. Dukansu sun raba kwanakin gida biyu iri ɗaya: kwana 100 da suke ganin ruwa ba zai sauka ba, da kwana 100 da suke ganin zai sauka. A rukunin farko an yi ruwa sau 20, a na biyu sau 70.

Mai hasashe na farko ya ce kashi 20 a rukunin farko, kashi 70 a na biyu. Na biyu mai ƙarfin hali ne: kashi 5 ya ce a rukunin farko, kashi 95 a na biyu. In aka ƙirga dacewa, kowannensu ya ci kwana 80 a rukunin farko da kwana 70 a na biyu, wato 150 cikin 200, kashi 75 cikin ɗari. A wannan ma'auni ba wanda ya fi wani.

Amma ga ɗan kasuwa da ya sayi ɗanyar shinkafa yana son shanya ta a fili. A ce hana shanya na kwana ɗaya, da kuɗin leburori da tamfal da jinkirin kai kaya inji, na ci masa Naira 10,000, in kuwa ruwa ya daki shanyar asararsa Naira 100,000 ce. Ƙa'idar da masana yanayi ke amfani da ita mai sauƙi ce: a ɗauki matakin kariya idan yiwuwar ruwa ta haura kuɗin kariya a raba da girman asara. A nan 10,000 a raba da 100,000 ya ba da kashi 10 cikin ɗari. Idan ya saurari na farko, ya ji kashi 20, zai rufe kayansa duk kwanaki ɗarin rukunin farko, ya kashe Naira miliyan 1. Idan ya saurari na biyu, ya ji kashi 5, zai baza shanya da kwanciyar hankali, ruwa ya dake shi sau 20, ya yi asarar Naira miliyan 2. Masu hasashen sun yi kunnen doki a takarda, amma ɗaya ya ninka wa mutumin nan asara a wannan rukuni.

Abin da na farko yake da shi, na biyu ya rasa, shi ne daidaito: duk kwanakin da ya ce kashi 20, ruwa ya sauka a kashi 20 na kwanakin. Ba a gane daidaito daga hasashe guda. In an ce kashi 70 aka wayi gari ba ruwa, ba a yi ƙarya ba tukuna, sai an tara kwanakin da aka faɗi adadin an duba.

Zanen aminci

Hanyar dubawar ita ce zanen aminci. Ana kasa hasashe zuwa rukunoni, misali daga 0 zuwa 10, daga 10 zuwa 20, har zuwa 100. A kowane rukuni a fitar da matsakaicin abin da aka faɗa a aza shi a layin kwance, a fitar da kason kwanakin da ruwa ya sauka a aza shi a layin tsaye. Mai cikakken daidaito ɗigoginsa za su hau kan layin da ya tashi daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama. Na farko a misalin nan ɗigoginsa biyu na kan layin. Na biyu ɗigonsa na kashi 5 ya haura layin da maki 15, na kashi 95 ya faɗo ƙasa da maki 25. Duk zanen da ya kwanta haka, sama a hagu ƙasa a dama, alamar wuce gona da iri ce wajen yarda da kai. Idan kuwa dukkan ɗigogin sun taru a ƙasan layi, mai hasashen yana yawan kiran ruwan da ba ya zuwa.

Ana iya dunƙule wannan a adadi ɗaya da ma'aunin da Glenn Brier ya fito da shi a 1950. Sigar da ake amfani da ita yau ita ce:

BS = (1/N) Σ (p − o)²

A nan N shi ne yawan kwanaki, p shi ne adadin da aka yi hasashe a raba da ɗari, o kuma 1 ne in an yi ruwa, 0 in ba a yi ba. Ƙaramin sakamako ya fi. Na farko ya samu 0.185, na biyu 0.2275. Tazarar 0.0425 da ke tsakaninsu ita ce farashin rashin daidaito, kuma Allan Murphy ya nuna a 1973 yadda ake ware wannan kaso daga sauran sassan ma'aunin.

Sai dai daidaito shi kaɗai ba ya wadatarwa. A kwanaki 200 ɗin an yi ruwa sau 90, don haka wanda ya riƙa cewa kashi 45 kowace safiya daidaitonsa cikakke ne, amma makinsa 0.2475 ne, ya fi na mai ƙarfin halin ma muni, domin bai bambance ranar hadari da ranar rana ba. Ana son hasashe mai rarrabe kwanaki, wanda adadinsa kuma ya tabbata. Aibin mai hasashe na biyu yana gyaruwa cikin sauƙi: a mayar da 5 ɗinsa 20, 95 ɗinsa 70. Wannan ne ainihin aikin dabarar John Platt ta 1999 da makamantanta, da sharaɗin a koyi gyaran a kan wasu shekaru, a gwada shi a kan shekarun da ba a taɓa ba.

Iyakokin aikin a kwarin Rima

Zanen aminci na cin bayanai da yawa. Rukunin da ke da hasashe 10 kacal na kashi 30, sa'a kaɗai na iya kaɗa ɗigonsa da maki 14 ko 15 sama ko ƙasa. In hasashen ya kai 100, kaɗawar kan sauko ƙasa da maki 5. Shi ya sa ya kamata a rubuta yawan kwanakin kowane rukuni a jikin zanen. Ya kamata kuma a zana na Yuni daban da na Agusta, domin zuzuta ruwa a farkon damina da raina shi a tsakiyarta na iya shafe juna idan aka haɗa, zanen ya fito tsaf alhali kowane wata na da karkata.

Ga ambaliya lamarin ya fi wuya. Hasashen shekara sau ɗaya yake zuwa, shekara goma hasashe goma ke nan. Mai bincike zai so ya tara ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi don adadin ya ƙaru, to amma ruwan da ya ci Augie shi ne ya isa Argungu ya wuce Birnin Kebbi. Aukuwa ɗaya ce aka ƙirga sau uku. Ga kuma madatsun Goronyo da Bakolori a sama, inda shawarar buɗe ƙofa ke sauya tsayin gulbi ba tare da ɗigon ruwa ya sauka a Kebbi ba. Tsarin hasashen da bai san da wannan ba, daidaitonsa zai karye a shekarar da aka fi buƙatarsa.

Babban cikas shi ne yawancin gargaɗin da ke isa kunnen manomi da kalmomi yake zuwa: haɗari mai yawa, matsakaici, ƙarami. Kalma ba ta hawa zane sai an ɗaura mata adadi, an kuma fayyace me ake kira ambaliya, wane tsayin ruwa, a wace ma'auna, cikin waɗanne makonni.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne hasashen ruwan kullum, wanda damina uku ko huɗu za su ba da kwanaki ɗaruruwa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero na da ɗaliban lissafi da na aikin gona da za su iya wannan aiki: ma'aunin ruwan sama a Argungu da Birnin Kebbi, littafin da ake rubuta hasashe a cikinsa kafin gari ya waye, da zanen aminci a ƙarshen kowace damina. Kira ga hukumomin hasashe shi ne su riƙa fitar da adadin yiwuwa tare da gargaɗinsu, su kuma wallafa zanen amincin shekarun baya domin masu bincike su duba.