Yadda Latin da Girkanci Suka Zama Tubalin Kalmomin Kimiyya

Yaron da ya yi karatun zaure a Kebbe ko Tambuwal, ya taɓa ilmin sarfu ko da kaɗan, ya san cewa haruffa uku kan haifi kalmomi masu yawa. In aka ba shi kaf da ta da ba, zai fitar da kitabu, da katibu, da maktubu, da maktaba, ya kuma gane cewa dukansu a kan rubutu suke yawo. Wannan fanni yana da tsohon tarihi a ƙasar nan, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu nan kusa da Tambuwal, ya wallafa Hisnur Rasin a kan sarfu. Amma yaron nan da kansa, in ya shiga ajin kimiyya a sakandare, sai ka tarar yana haddace dogayen kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar ba su da dangi. Alhali yawancinsu haɗa su aka yi da gangan daga saiwoyin Girkanci da Latin, kuma abin da aka haɗa ana iya kwance shi. Zan rubuta kalmomin a nan yadda bakin Bahaushe ke furta su. A littafin makaranta haruffan sukan ɗan bambanta.

Abin ya faro ne daga likitocin Girka. Abuƙarat, wanda aka haifa a tsibirin Kos wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa, shi da almajiransa sun rubuta bayanin cututtuka da harshensu na yau da kullum. A kunnensu hema jini ce kawai, nefuros ƙoda ce, kardiya zuciya ce, kamar yadda mu ma muke cewa ciwon ƙoda ba tare da jin mun faɗi wani abu mai zurfi ba. Da Rumawa suka mamaye Girka sai suka karɓi likitancin da sunayensa. Celsus, wanda ya rubuta littafin magani da Latin a ƙarni na 1, ya bar sunayen cututtuka da yawa da Girkancinsu, gaɓoɓin jiki kuwa ya kira su da sunayen da Rumawa suka sani. Jalinusu, haifaffen Pergamon a shekara ta 129, ya yi aiki a birnin Rum amma da Girkanci ya yi rubutu.

Wannan rabon aiki ne ya bar mana abin da ke rikita ɗalibai har yau, wato gaɓa ɗaya mai suna biyu. Ƙoda a Latin ren ce, don haka jijiyar da ke kai mata jini ake ce mata rinal. A Girkanci nefuros ce, don haka kumburinta ya zama nefuraitis. Galibi in ana maganar gaɓa da inda take, Latin ake ji, in kuma ana maganar cuta da aikin tiyata, Girkanci ake ji. Ba doka ba ce marar togaciya, amma wanda ya riƙe ta zai daina zaton kalmomin biyu abubuwa biyu ne.

Akwai zango a tsakiyar tafiyar da ya shafe mu kai tsaye. A Bagadaza, Hunainu bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinusu masu yawa zuwa Larabci da Suryananci. A kan wannan harsashi Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya gina littafinsa Alƙanun. Daga baya a Toledo ta ƙasar Andalus, Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya mayar da Alƙanun zuwa Latin, jami'o'in Turai suka yi ƙarnoni suna karantar da shi. Ta hanyar Larabcin nan wasu kalmomin Girka suka iso ƙasar Hausa tun kafin Bature. Alƙalamin da almajiri ke fiƙewa daga gamba ya samo sunansa daga kalamos, wato kara a Girkanci, haka ma falsafa da dirhami. Larabci kuma ya bar nasa sawun a kimiyyar Turai, kamar aljabara da alkali na ilmin sinadarai.

Latin ya zama harshen malaman Turai kamar yadda Larabci ya zama na malamanmu, Bajamushe ya rubuta, Baitaliye ya karanta. Vesalius ya buga littafinsa kan ginin jikin mutum da Latin a 1543, Newton ma ya buga babban littafinsa da Latin a 1687. A 1753 Linnaeus, mutumin Suwidin, ya daidaita tsarin ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, kuma gonakinmu cike suke da misalansa. Gyaɗa ita ce Arachis hypogaea. Kalma ta biyu haɗin haifo ce, wato ƙarƙashi, da gaya, wato ƙasa, kuma duk manomin Kebbe ya san gyaɗa fure take yi a sama sannan ta tura ƙafa ta yi ’ya’ya a cikin ƙasa. Kuka ita ce Adansonia digitata. Dijitus yatsa ne a Latin, kuma in ka tsinko ganyen babbar kuka ka shimfiɗa a tafin hannu za ka ga ya rabu kamar yatsu. Kalma ta farko kuwa duk yadda ka kwance ta ba za ka sami siffar itacen ba, domin sunan mutum ne, Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin kuka a Senegal.

Juyin da ya fi girma ya zo a 1787, lokacin da Lavoisier da abokan aikinsa uku suka buga sabon tsarin sunayen sinadarai a Faris. Kafin nan sunayen na gargajiya ne, wani daga launi, wani daga sunan mai haɗa shi, kuma babu abin da ke nuna me ke ciki. Suka ce dole suna ya faɗi abin da ya ƙunsa. Iskar da in ta ƙone take zama ruwa aka kira ta haidirojin, daga haidiro, ruwa, da jen, mai haifarwa. Daga nan ƙirƙira ta zama al’ada. Bayoloji, daga bayos, rai, da logos, bayani, ta yaɗu daga 1802. Fotosintesis, haɗawa da haske, an ƙirƙiro ta a 1893. Babu Bagirken da ya taɓa furta waɗannan kalmomi a zamanin Abuƙarat. Sababbin gini ne da tsohon tubali. An zaɓi tsofaffin harsunan ne domin ma’anarsu ta daina sauyawa a bakin jama’a, kuma babu ƙasar da za ta ce an fifita harshen kishiyarta. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 suka kafa makarantun boko, wannan kaya ya zo mana a cikin Ingilishi, a ƙulle, ba a cika koyar da yadda ake buɗe shi ba.

Ga yadda ake buɗewa, da cutar da mutanen fadama suka sani. Yaro yana wanka a tafki, bayan wani lokaci ya fara fitsarin jini, aka kai shi asibiti, aka rubuta a kati cewa yana da hematuriya. A fara daga wutsiyar kalma, domin ita ke faɗin irin abin da ake magana a kai. Uriya daga uron take, fitsari, ke nan wani hali ne na fitsari. Sai a koma kai: hemat, jini. Jini a fitsari. Gwaji ya nuna ƙwan tsutsar da ake kira Schistosoma haematobium, cutar kuma shistosomiyasis. Wutsiyar, iyasis, tana nufin cutar da ta kama jiki, sau da yawa ta tsutsa ko wani ɗan ci-da-jikin-wani. Soma jiki ne, shistos tsagagge. Lallai namijin tsutsar yana da tsagi a tsawon jikinsa inda mace ke kwanciya. Kalma ta biyu a sunan tsutsar ta haɗa jini da bayos, mai rayuwa a jini, kuma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara take zama. Tsargiya ke nan, wadda Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851.

Ribar ba ta tsaya a kalma ɗaya ba. Wanda ya riƙe hema zai gane animiya, inda an ke nufin babu, wato ƙarancin jini. Wanda ya riƙe soma zai tsinto ta a tiraifanosomiyasis, sammoren da ƙudan tsando ke sa wa shanu, inda tiraifanon ke nufin abin huda. Wanda ya riƙe aitis, kumburi, zai gane cewa meninjaitis kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ne, wato sanƙarau da muke fama da shi lokacin zafi. Saiwa talatin ko arba’in da aka riƙe da kyau sun fi dogon jerin hadda amfani.

Sai dai saiwa tana faɗin abin da mai raɗa sunan ya zata ne a zamaninsa, kuma yakan yi kuskure. Lavoisier ya kira wata iska oksijin, daga oksus, mai tsami, domin ya ɗauka duk wani asid yana ɗauke da ita. A 1810 Humphry Davy ya nuna cewa asid ɗin da yau ake rubutawa HCl babu oksijin a cikinsa, amma suna ya riga ya bi baki. Maleriya daga Italiyanci take, mugunyar iska, domin an zaci tururin fadama ke kawo zazzaɓin, sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro. Atom na nufin abin da ba ya yankuwa, ga shi kuwa an fasa shi. Ɗalibin da ya amsa tambayar jarrabawa da ma’anar saiwa kaɗai a waɗannan wurare zai faɗi. Hanyar ganewa ita ce a auna hasashen da jimlar da kalmar take ciki da kuma ma’anar da littafin ya bayar. In sun saɓa, littafin ake bi.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne kalmomi biyu da suke kusan ɗaya a bakinmu. Haifo, wadda muka gani a sunan gyaɗa, ƙarƙashi take nufi, haifar kuwa sama ko wuce kima. A rubuce haruffa uku na farko ɗaya ne, ɗaya ta ƙare da o, ɗaya da er. Haifogilaisimiya, da gilukus mai zaƙi a tsakiya da jini a ƙarshe, faɗuwar sukarin jini ce, kuma mai ita yana bukatar abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya. Haifargilaisimiya hawan sukari ce. Mai jinyar da ya ji ɗaya a madadin ɗaya zai yi wa majinyaci akasin abin da yake bukata. A irin wannan wuri ba a hasashe, a duba rubutun da ido, a kuma tambayi ma’aikacin lafiya.

Kirana ga malaman kimiyya na makarantun Kebbe da Tambuwal shi ne, duk sabuwar kalmar da za ku rubuta a allo, ku tsaga ta gida biyu ko uku, ku sa Hausar kowane yanki a ƙarƙashinsa, ku bar yaran su fara faɗin abin da suke zato kafin ku ba su ma’anar littafi. Yawancinsu sun riga sun saba da wannan aiki a gaban malamin zaure.