Ƙarfafawa (nahawun Hausa)

Ƙarfafawa ita ce kai wani sashen jimla farkonta don nuna shi ake nufi, ba waninsa ba. Sau da yawa dirka (ne ko ce) kan biyo bayansa.

Idan an ƙarfafa, lamirin lokaci yakan koma sigar dogarau. "Manoma sun sayi gero a Gaya" takan zama "Gero ne manoma suka saya a Gaya". Haka "Suna zuwa Ajingi" takan zama "Ajingi suke zuwa". Kuskure ne a ce "Gero ne sun saya".

Lokaci mai zuwa ba ya sauyawa: "Gero ne za su saya". Gabatar da batu kawai ma ba ya kawo sauyin: "Gero kam, sun saya".