Ranar Karanta Lissafi: Yadda Ƙungiyoyin Manoman Gyaɗa Suka Kafu a Nijar

A shekarar 1962, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar UNCC domin ba manoma bashi da kuma tsara su cikin ƙungiyoyin gama-kai. A wannan shekarar ce kuma aka kafa SONARA, kamfanin da aka damƙa wa fitar da gyaɗa zuwa waje. Gyaɗa ce a lokacin take shigo wa ƙasar da mafi yawan kuɗinta, kuma yankunan Maraɗi da Damagaram ne suka fi noma ta. Duk wanda ya riƙe sikelin kasuwar gyaɗa, ya riƙe wuyan talaka.

Manoma ba su tarbi sabuwar hukumar da guɗa ba, kuma suna da hujja. Tun zamanin Faransawa akwai asusun tanadi da ake tilasta wa kowa zuba kuɗi a ciki, ana karɓarsa tare da haraji. Kwamandan yanki ne shugabansa, takardunsa da Faransanci suke, ba kuma wanda ya taɓa tara jama'a ya ce musu ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita. Da UNCC ta zo tana cewa kowane mutum ya biya kuɗin hannun jari ya zama ɗan ƙungiya, mutane da dama suka ɗauke shi wani sabon haraji ne da aka sauya wa suna. Shekarun farko sun tafi da 'yan ƙungiya kaɗan da bashin da ba a biya ba.

A 1966 aka sake lale. An daina neman mutum ɗaya ɗaya da kuɗinsa, aka ce ƙauye ne gaba ɗayansa zai shiga. Ƙauyen ne ke karɓar bashin iri, shi ne kuma ke lamunce wa duk wanda ya ci. Ƙauyukan da ke kai gyaɗarsu kasuwa ɗaya suka haɗu suka zama ƙungiya guda, aka ba su damar riƙe kasuwar da kansu. Suka zaɓi shugaba da masu awo da magatakarda daga cikinsu. Ladan da ake ba ɗan kasuwa mai lasisi a kan kowane tan da ya sayo, ya koma na ƙungiya. Idan kaka ta wuce aka cire abin da aka kashe, rarar da ta saura a mayar wa manoma gwargwadon gyaɗar da kowa ya kawo.

Daga nan ne bayanin lissafin shekara, da ake tara manoma a karanta musu, ya samu darajarsa. Tunda rabon kowa ya rataya a kan abin da ya rage, kowane layi na kashe kuɗi ya zama abin da ya taɓa aljihun manomi kai tsaye. Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce kasuwa ta sayi tan 400, ladan kowane tan kuma sefa 2,000. Kuɗin shiga ya kama 800,000. An biya masu awo da magatakarda da 'yan dako da mai gadi, an gyara buhuna, duka sun ci 240,000. Sai kuma layin da ya fi jawo hayaniya a wurin taro: gyaɗar da aka auna a kasuwa tan 400 ce, amma da aka kai ta sito aka sake aunawa sai aka samu 396. Tan huɗu a kan sefa 20 kowane kilo, asarar 80,000 ke nan. Abin da ya rage 480,000, wato 1,200 a kan kowane tan.

Wannan giɓin awo shi ne madubin kasuwa. Gyaɗa tana ƙara bushewa a tsibi, buhu yana yoyo, ɓera yana ci, don haka ɗan ragi ba abin mamaki ba ne. Idan ya yi yawa, ko dai an karɓi ɗanyar gyaɗa mai yashi don kunyar wani babba, ko an rubuta wa wani buhun da bai kawo ba. Idan kuwa aka samu ƙari maimakon ragi, ba abin murna ba ne, domin ma'anarsa mai awo ya yi ta danne manoma a sikeli duk tsawon kaka. Wanda ya iya sauraron lissafi, lambobi biyun nan yake fara tambaya kafin ya tambayi rabonsa.

Bayan haka sai a zo kan bashi. A ce ƙauyuka biyu kowanne ya kawo tan 50, rabon kowanne 60,000. Na farko ya biya bashin irinsa kaf, don haka manomin da ya kawo kilo 500 zai karɓi sefa 600. Na biyu ana binsa 45,000, sai a cire tun daga sama, a bar masa 15,000. Manomin wannan ƙauyen da ya kawo kilo 500, ya kuma biya nasa bashin tun da wuri, sefa 150 kawai zai gani. Masu tsarin sun yi haka da gangan, don maƙwabci ya matsa wa maƙwabci. Kuma ya yi aiki a shekarun da damina ta yi kyau, lokacin da masu taurin bashi 'yan ƙalilan ne, kowa ya san ƙofar gidansu.

Sai dai lissafin da ba ka iya karantawa, na wanda ya rubuta ne. Shi ya sa aikin yaƙi da jahilci da Hausar boko ya haɗu da na ƙungiyoyin, musamman a yankin Maraɗi, inda aka koya wa manoma karanta sikeli da cika takardun kasuwa da harshensu. A ganina wannan ne mafi amfanin abin da zamanin ya bari. Amma bai kai ko'ina ba. Littafin kasuwa yana hannun magatakardan ƙauye, babban lissafin kuwa, inda ake yanke yawan lada da abin da za a cire, yana ofishin ma'aikatan hukuma. Farashin gyaɗa ma gwamnati ce ke yankewa. Manoma suna iya bin sawun buhu daga sikeli zuwa mota, daga nan sai abin da aka faɗa musu.

Fari ne ya tona raunin tsarin. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ƙaranci, ya kai ga yunwar 1973 da 1974, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta gama da gonakin da suka saura. Lamunin juna yana da amfani idan mutum biyar ne suka gaza a ƙauye. Idan ƙauyen ne duka ya gaza, bashi yakan haɗiye rarar baki ɗaya, na bana ya hau kan na bara. Manomin da ya san ba abin da zai dawo masa ba shi da dalilin kai gyaɗarsa kasuwar ƙungiya, ga 'yan kasuwa, ga iyakar Najeriya kusa. Da yawa ma suka bar gyaɗar suka koma gero da wake. Kasuwar da ba ta sayi kaya ba kuwa ba ta da lada, balle rarar da za a tara mutane a karanta musu.

Hukumar UNCC ba ta mutu nan take ba. Ta ci gaba da harkar auduga da shinkafa da rabon taki da garmar shanu, gwamnatin Seyni Kountché kuma ta shimfiɗa ƙungiyoyin a faɗin ƙasa, har inda babu wani amfanin gona na sayarwa da zai ciyar da su. A tsakiyar shekarun 1980 aka rushe UNCC aka kafa UNC a madadinta, da nufin manoma su riƙe ragamar da kansu. Ƙungiyoyin manoma na yau a Nijar suna ƙarƙashin dokar bai-ɗaya ta ƙasashen OHADA da aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010, wadda ta wajabta a kira babban taron 'yan ƙungiya kowace shekara, a gabatar musu da lissafin shekarar da ta ƙare, su amince da shi ko su ƙi.